Wasiƙar neman aiki da ta wuce shafi ɗaya

"Kawu, barka da hutawa. Wasiƙar neman aikin da na rubuta domin gurbin jami'ar kula da rumbun magunguna ta kai shafi ɗaya da rabi, kuma an ce mini al'ada ita ce kada ta wuce shafi ɗaya. Ina tsoron in na yanke gaisuwa da godiya a ce ba ni da ladabi, in kuma na yanke ayyukan da na yi a ga kamar ban cancanta ba. Ga wasiƙar nan da tallar aikin na haɗo maka. Me zan cire, me zan bari?"

'Yata, na karanta wasiƙar da tallar duka biyun, kuma waɗanda suka ba ki wannan shawara sun yi gaskiya. Babu wata doka da ta haramta shafi na biyu, amma al'adar ofis ta zauna a kan shafi ɗaya saboda dalilin da duk wanda ya taɓa zama a kwamitin tantance masu neman aiki ya sani: takardu suna zuwa da yawa, lokaci kaɗan ne, kuma karatun farko ba domin a zaɓi gwani ake yin sa ba, domin a rage tulin ne. Mai karantawa yana riƙe da jerin sharuɗɗan da aka sa a talla, yana neman su a wasiƙarki da ido, abin da bai gani a shafin farko ba kuwa sau da yawa sai ya ɗauka babu shi.

Batun ladabi ba zai ɗauke mu lokaci ba. A gida, wanda ya shigo ya faɗi buƙatarsa kafin ya tambayi lafiya da iyali da gajiya ya yi rashin tarbiyya, kuma ina jin daɗi da ba ki manta da wannan ba. A takardar ofis kuwa, ladabi yana cikin tsari: adireshinki da kwanan wata, muƙamin wanda ake rubuta wa daidai yadda aka sa shi a talla, kalmar girmamawa ta buɗewa, kanun da ke faɗin gurbin da kike nema, kalmar rufewa da sa hannu. Idan waɗannan sun cika, kin sauke haƙƙin girmamawa. Sakin layinki na farko, wanda ya cinye layi bakwai wajen yabon ƙungiyar da roƙon a dubi ƙanƙantar da kanki, bai ƙara miki daraja ba, domin sun san ko su wane ne, ke ce ba su sani ba. Ki mayar da shi jimla biyu: gurbin da kike nema da inda kika ga tallarsa, sannan cewa kin shekara uku kina kula da rumbun magunguna na wani kamfanin sari.

Na ƙirga kalmomin wasiƙar, sun haura 600. Shafin A4 guda, bayan an cire wurin adireshi biyu da kanu da sa hannu, yakan ɗauki kalmomi 300 zuwa 350 cikin walwala. Ke nan kusan rabi za ki zubar, kuma rabi ba ya fita ta hanyar tsince kalma ɗaya nan, biyu can. Dole sakin layi sukutum su tafi.

Abin da zai nuna miki wanda zai tafi shi ne tallar, ba zuciyarki ba, domin zuciya takan riƙe abin da aka fi shan wahala a kansa, ko da mai ɗaukar aiki bai tambaye shi ba. Tallar nan ta nemi abu huɗu: ƙwarewar shekara uku a rumbu, iya ajiye lissafin kaya a kwamfuta, sanin adana alluran rigakafi a cikin sanyi, da rubuta rahoton wata-wata. Ki ɗauki biro ki bi wasiƙarki jimla bayan jimla, ki rubuta a gefen kowace wane sharaɗi take amsawa. Na yi wannan a madadinki, sai na ga abin da ya ba ni mamaki. Shafin farko gaba ɗaya, ban da jimlar da ta ambaci shekarun aikinki, bai amsa ko ɗaya ba: tarihin makarantu ne tun daga sakandare, da darajar digirinki, da yadda kika shirya gasar muhawara a makarantar da kika yi hidimar ƙasa. Duk wannan yana cikin takardar tarihin karatu da aikinki, wadda za a haɗa da wasiƙar, saboda haka maimaita shi asarar wuri ce. Na san gasar muhawarar nan tana ranki, kuma aiki ne mai kyau, amma da malanta kike nema da ita za ki buɗe. A rumbun magani ba ta da abin yi. Digirin ya isa a ambace shi a rabin jimla.

Abin da suka fi nema kuma kin binne shi a ƙasan shafi na biyu, a jimla ɗaya mai kunya, inda kika ce kin "taimaka wajen kula da firji". Da na tambayi mahaifiyarki abin da kike yi a wurin, ta ce ke kike buɗe rumbun da safe ki duba ma'aunin sanyi, ki sake dubawa kafin a tashi, kuma ke kike kwashe alluran zuwa akwatin sanyi idan wuta ta ɗauke janareto ya ƙi tashi. Wannan ba taimako ba ne, shi ne aikin kansa. Duk wanda ya san harkar ya san yawancin alluran rigakafi ana ajiye su tsakanin digiri 2 zuwa 8 a ma'aunin Salshiyas, ana rubuta awon sau biyu a rana, kuma idan kika faɗi haka da lambobinsa zai gane nan take cewa hannunki ya taɓa aikin. Wannan ya kamata ya zama farkon sakin layi na biyu.

Na fahimci abin da ya sa kika yi ƙasa-ƙasa da shi. An rene ku da cewa yabon kai jahilci ne, kuma ba zan warware wannan tarbiyya ba. Sai dai ki lura da inda yabon kan yake a wasiƙarki: yana inda kika ce ke mai ƙwazo ce, mai riƙon amana, mai haƙuri da jama'a, mai saurin koyo. Waɗannan siffofi kowa yana iya ba kansa su kyauta, sun cinye miki layi biyar, kuma babu mai tantancewar da zai ba su maki. Faɗin abin da ya faru da adadinsa kuwa shaida ce, ba yabo ba, kuma ya fi gajarta. Dubi sakin layinki na huɗu, mai kalmomi kusan casa'in, inda kika ba da labarin yadda kika tarar magunguna suna lalacewa, ranki ya ɓaci, kika nemi izinin manaja, aka yi taro, daga baya abubuwa suka gyaru. Zan ba ki misali da Hausa, ke kya juya shi zuwa Turancin wasiƙar: "Na sake jera rumbun yadda maganin da wa'adinsa ya fi kusa shi ke fara fita, kuma cikin shekara guda katan ɗin da ake zubarwa saboda ƙarewar wa'adi suka ragu daga 40 zuwa 9." Jimla ɗaya ce, tana ɗauke da matsalar, da abin da kika yi, da sakamakon, lambobin kuma naki ne da kika watsa a wurare biyu daban. Haka za ki yi wa ƙidayar kayan ƙarshen wata, wadda kika ce ta koma kwana ɗaya daga kwana uku bayan kin mayar da katin kaya zuwa Excel. Wannan jimlar ita kaɗai ta amsa sharuɗɗa biyu, na kwamfuta da na rahoto, kuma irin wannan jimla mai ɗaukar kaya biyu ita ce ta fi cancantar wuri a shafin.

Nasarori uku ke nan: sanyi, wa'adin magani, da ƙidaya. Sun isa. Lambar yabon gwarzuwar ma'aikata da aka ba ki tana iya shiga a ƙarshen jimlar wa'adin magani idan saboda wannan aikin aka ba ki ita, domin a nan tana zama shaidar wani a kanki. Idan ba haka ba, ki bar ta a takardar tarihi. Horar da sababbin ma'aikata huɗu da kika yi shi ma ya jira ranar ganawa, tunda tallar ba ta ce za ki shugabanci kowa ba.

Akwai hattara a kan lambobi. Kada ki rubuta adadin da ba za ki iya kare shi ba idan aka tsare ki da tambaya a ganawa, domin za a tambaya, kuma wanda ya yi inda-inda a kan lambar da ya rubuta da hannunsa ya rasa amincin sauran wasiƙar. Idan aikin na mutum uku ne, ki faɗi rabonki a ciki. Kuma kada ki ambaci kuɗin ciniki ko ribar kamfanin da kike yi wa aiki yanzu, wannan sirrinsu ne, mai karantawa kuma zai lura cewa wadda ta fitar da nasu za ta fitar da nasa. Adadin katan da na kwanaki ba su tona asirin kowa.

Kada ki bi dabarar da na sha gani, ta ƙanƙance rubutu har sai an matso da takarda kusa da hanci, ko cinye gefen shafi. Ki bar girman harafi a 11 ko 12, gefe kuma inci ɗaya ta kowane ɓangare, da sarari tsakanin sakin layi. Ki duba girman takarda a Word, domin sau da yawa yakan zo a kan Letter, wadda ta fi A4 gajarta da kusan santimita biyu, sai layin sa hannu ya faɗa shafi na biyu alhali ba laifin rubutun ba ne. Idan kin gama, ki adana ta a PDF kafin ki aika, don kada tsarin ya motsa a kwamfutar wani. Idan kuma an ce a rubuta wasiƙar a cikin saƙon imel kai tsaye, adireshi biyun nan suna fita, sunan gurbin ya koma layin kanun saƙo.

Yankan ma yana iya wuce gona da iri, alamarsa kuwa ita ce wasiƙa ta koma jerin lambobi babu zaren da ya haɗa su da gurbin. Saboda haka ki bar jimla biyu kafin rufewa da za su faɗi abin da ya sa wannan aiki musamman kike so, misali cewa rumbunsu yana kai allurai ƙananan asibitocin karkara inda wuta ba ta tsayawa, wanda shi ne yanayin da kika saba aiki a ciki. Sai jimlar ƙarshe: kin haɗo takardar tarihinki, kina shirye ki zo ganawa, kin gode. Godiya ɗaya, ba uku ba.

Idan kin sake rubutawa, ki miƙa wa ƙaninki ya karanta sau ɗaya, ki karɓe takardar, ki tambaye shi abin da kika yi a wurin aikinki. Idan ya ambaci firji da katan ɗin magani da ƙidaya, ta yi. Idan ya ce ke mai ƙwazo ce, akwai sauran yanka. Ki turo mini sabuwar kafin ranar rufe karɓa da kwana biyu ko uku, kuma ki gaida mahaifiyarki.