Amsoshin Tambayoyinku: Sanarwar tallafin kuɗi da masu sayar da fom

*"An rubuta sunana a garinmu tun bara. Maƙwabciyata ta samu kuɗi, ni shiru, ga marayu huɗu. Ko an cire ni ne?" Wata uwa daga Giwa.*

Allah ya raya marayun, 'yar'uwa, ki kwantar da hankalinki. Rubuta suna daban, biya daban. Abin da aka shigar da ke shi ne Rajistar Masu Ƙaramin Ƙarfi ta Ƙasa, wadda NASSCO, ofishin gwamnatin tarayya mai daidaita shirye-shiryen tallafi, ke kula da ita. Mutanen gari su ke zama su fitar da gidajen da suka fi talauci, sannan jami'ai su bi gida-gida suna tambayar irin ɗaki, dabbobi da yawan masu ci. Daga wannan rajista ake ɗebo waɗanda za a biya, kashi-kashi.

Wani abin da ke hana kuɗi fitowa shi ne saɓanin suna. A shirin farko na 2016, naira 5,000 ne a wata, ana haɗa na wata biyu a miƙa 10,000 a hannu. Wanda aka ƙaddamar a Oktoban 2023 kuwa 25,000 ne sau uku, ta asusun banki ko na waya, bayan an tantance lambar NIN. To idan a rajista an rubuta Hajara Musa, a katin ɗan ƙasa kuma Hajaratu Abdullahi, sunan miji can, sunan uba nan, na'ura ba ta san mutum ɗaya ba ce. Haka ma idan layin da kika bayar na ɗanki ne, kuma ya tafi cirani da shi. Ki danna *346# a layin da kika yi rajistar NIN da shi, lambarki za ta fito, ana ɗan cire kuɗi. Ki ɗauki takardar NIN ɗin ki je sakatariyar ƙaramar hukuma, ki nemi jami'in karɓar koke na shirin, ki sa ya karanta miki sunan da ke wurinsu ki gwada da naki.

*"Matana uku. Zan iya sa kowace ta yi rajista daban? Ni malamin firamare ne." Daga Zariya.*

Haba malam! Ƙa'idar shirin ta ce gida, kuma gida a wurinsu shi ne masu ci daga tukunya ɗaya. Mutum ɗaya ke karɓa, galibi mace, sai wakili idan ta samu uzuri. Kai da ke da albashi, ka bar wa waɗanda aka yi abin dominsu.

*"An turo sanarwa a WhatsApp, wai fom naira 2,000, kuma gobe za a rufe. In biya?" Daga Kauru.*

Kada ka biya ko sisi, ɗan'uwa. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai a duk harkar nan. Shirin nan ba shi da fom na sayarwa. Ba kai ke neman shiga ba, garinku ake zuwa, a gaban mai unguwa da dagaci da idon jama'a. Duk wanda ya ce zai sa sunanka ta bayan fage, kuɗinka yake so.

Ka sake karanta sanarwar a tsanake. Wace hukuma ta fitar da ita, waye ya sa hannu? Ta ambaci ƙaramar hukuma da mazaɓa, da rana, da wurin taro? Kaduna na da ƙananan hukumomi 23, sanarwa ta gaskiya takan faɗi inda ta shafa. Wadda ta ce "duk ɗan Najeriya" kuma ta ce ka tura wa mutum goma kafin a karɓe ka, ta tona asirin kanta. Shafin gwamnati da .gov.ng yake ƙarewa. Wannan "gobe za a rufe" kuwa, don kada ka samu sararin tambayar kowa aka sa shi.

Asarar 2,000 ma ƙarama ce. Bayan fom sai a kira ka, a ce za a tantance ka, a nemi lambobin jikin katin cirar kuɗi, da lambarka ta sirri, da wasu lambobi da za su shigo wayarka yanzun nan. Kana karanto su, an kwashe kuɗin masarar da ka sayar. Jami'in gaskiya zai iya neman NIN da lambar asusu, amma ba ruwansa da lambar sirri. Na ga tsofaffi suna miƙa wa mai POS kati suna faɗa masa lambar da ƙarfi a tsakiyar kasuwa. Ku daina, don Allah. Ku matasa masu karatu, ku raka iyayenku, ku tsaya har a ƙirga kuɗin a hannunsu.

Idan ka riga ka bayar da lambobin, ka je banki yau ɗin nan a rufe katin, sannan ka sanar da dagaci don a faɗa a masallaci kafin a cuci wani.