Dokta, ƙwayar barci da ataya a watan azumi: ina tuƙa piragiya kuma idona na rufewa

Tambaya: Salamu alaikum Hajiya Dokta. Ni direban piragiya ne, wato babur mai ƙafa uku na haya, daga Aboabo zuwa Kejetia nake yi a nan Kumasi. Tunda aka kama azumi barcina ya lalace gaba ɗaya. Bayan tarawi ina zama bes da abokai mu sha ataya har sha biyu, in na kwanta barci ba ya zuwa sai wajen ɗaya, ƙarfe huɗu kuma an tashe ni sahur. Jiya da la'asar idona ya rufe ina kan titi da fasinja uku, Allah ne ya kiyaye. Wani abokina ya ba ni wata shuɗiyar ƙwaya, ya ce in na sha awa ukun nan za su zama kamar takwas. Kwana huɗu kenan ina sha. In ci gaba ko akwai wadda ta fi ta?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana. Kafin komai, kar ka sha ƙwayar nan yau da dare, kuma gobe kar ka hau piragiyar, ka kira mastanka ka ce ba ka da lafiya, don gaskiya ce ba ƙarya ba. In da hali ka ƙara jibi. Kwana huɗu kawai ka yi kana sha, don haka za ka iya ajiyewa, sai dai dare ɗaya ko biyu barcin zai yi maka gardama, wannan ba komai ba ne, zai wuce.

Shuɗiyar ƙwayar da yaran zango ke kira bulu-bulu dayazifam ce, wato baliyam. Maganin asibiti ne na gaske, muna ba mai jijjiga, muna ba wanda za a yi wa aiki, amma sai da takardar likita, kuma mai shagon magani na kan layi ba shi da izinin ƙirga maka ita a leda kamar gyaɗa. Wallahi kowace shekara azumi na kamawa sai na ji wannan magana ta "awa uku su zama takwas", daga bakin direbobi, daga bakin mata masu tashi ƙarfe biyu su dama koko, har daga bakin ɗaliban makaranta, kuma na gaji da ita. Babu ƙwayar da ke matse barci kamar ana matse kaya a buhu. Barci zagaye yake yi, kowane zagaye kamar awa ɗaya da rabi, mai nauyin da ke gyara jiki yana farkon dare, na mafarki wanda ke gyara tunani da natsuwa ya fi yawa can wajen asuba. Wanda ya kwanta ɗaya ya tashi huɗu zagaye biyu ya samu, ko ya sha ƙwaya ko bai sha ba. Abin da ita ƙwayar ke yi shi ne ta buge ka da wuri, ta kuma rage maka wancan mai nauyin, sai ka tashi kana jin kamar ka yi barcin mutuwa don ba ka tuna komai ba, alhali jikin bai samu haƙƙinsa ba.

Amma ba wannan ne ya fi tsorata ni ba. Dayazifam ba ta fita da safe. Jiki kan ɗauki kwana ɗaya zuwa biyu kafin ya fitar da rabinta kawai, kuma hanta na juya ta zuwa wani sinadari da shi ma yake sa barci, ya ma fi ta daɗewa a jini. To ka lissafa da kanka. Ta daren Litinin rabinta na nan ka ɗora ta Talata, ka ɗora ta Laraba, ranar Alhamis da rana kana riƙe da kan piragiya a cikin cunkoson Kejetia da ragowar ƙwaya uku a jininka, ga yunwa ga rana ga bashin barci. Idonka da ya rufe jiya ba azumi ne kaɗai ya rufe shi ba.

Wani azumi da ya wuce an kawo min wani yaro ɗan okada, bai fi shekara 24 ba, ƙashin wuyansa a karye, gwiwar wandonsa ta yage har ana ganin nama. Ƙarfe uku na rana ya shige bayan tirotiro da ke tsaye tana sauke mutane, babu alamar birki ko kaɗan. Ina wanke masa ciwo ina tambayarsa me ya sha, ya rantse min bai karya azumi ba, "Hajiya da dare kawai nake sha, kwana tara kenan". Shi a ganinsa abin dare ya ƙare da dare. Bai ma tuna ya yi gyangyaɗi ba, cewa ya yi kawai ya ga motar a gabansa. Haka yake zuwa, ƙwaƙwalwa ta ɗauke na daƙiƙa biyu uku, wani lokaci ma ido a buɗe. In kana gudun kilomita 40 a awa, daƙiƙa uku mita 33 ce ka yi babu direba.

Kuma kar wani ya ce maka to ka koma firiton, ko maganin tarin nan mai sa barci, wai su ba ƙwaya ba ne. Firiton ma yana kwana a jiki ya wuni, ga shi yana busar da baki da maƙogwaro, mai azumin awa goma sha uku da ɗoriya a zafin Kumasi me zai yi da abin da ke ƙara masa ƙishi? Mafi muni su ne masu haɗa bulu-bulu da taramol ko maganin tari mai kodin, waɗannan numfashi suke dannewa, mutum ya kwanta a zo tashinsa sahur a tarar da gawa. Wanda kuma yake karanta wannan ya san ya yi makonni yana shan dayazifam kullum, shi kar ya yanke lokaci ɗaya, yankewar na iya kawo jijjiga, ya zo asibiti mu rage masa a hankali. Ba za mu kira masa ɗan sanda ba, ya zo kawai.

Yanzu asalin ciwon. Ka ce barci ba ya zuwa sai ɗaya. Yaya zai zo, kana zuba masa ataya zagaye uku har sha biyu? Ganyen shayin da aka tafasa ya yi kauri haka cike yake da kafeyin, sinadarin da ke hana barci, kuma bayan awa biyar rabin kafeyin ɗin na nan a jini. Kofin da ka sha sha ɗaya na dare yana aiki har kiran sallar asuba. Wato kana shan abin hana barci, sannan ka bi shi da abin sa barci, su biyu suna kokawa a jikinka kai kuma kana tsakiya. Cire na farkon, ba za ka nemi na biyun ba. In ba ka iya rabuwa da ataya, mai da ita sahur, ƙaramin kofi ɗaya ko biyu bayan ka ci abinci, can ne take da amfani gare ka. Lemon ƙarfin nan na gwangwani da na roba shi ma hukuncinsa ɗaya, ban da shi bayan magariba.

Mu nan Allah ya sauƙaƙa mana, lokutanmu ba sa motsi sosai: asuba wajen biyar, shan ruwa shida da 'yan mintuna, tarawi a yawancin masallatai an idar kafin tara. Daga tara zuwa huɗu awa bakwai ce cif, daren bai tsage ba, mu ne muke yaga shi. Ka gaisa da 'yan bes minti talatin ka wuce gida, ƙarfe goma ta same ka a kwance waya na can nesa tana caji. Sahur kuma ba sai huɗu ba tunda ba kai ke girki ba, jinkirta shi ma shi ne sunna, huɗu da kwata ko da minti ashirin ya ishe ka ka ci ka sha kafin kiran salla. Ka samu awa shida a jere kenan, zagaye huɗu. Babba yana buƙatar bakwai ko fiye, saura sai ka cike da rana: bayan azahar ka faka a inuwar masallaci ka yi ƙailula minti ashirin zuwa talatin, ka sa ƙararrawar waya. Kar ka bari ta kai awa ɗaya, don za ka farka daga tsakiyar barci mai nauyi kanka kamar an ɗora dutse, kuma ko bayan gajeren ma ka wanke fuska ka ɗan taka minti goma kafin ka tada inji. Kasuwa ma a wannan lokacin ba ta da zafi, lodi ɗaya za ka rasa.

Ciki shi ma yana da hannu. In ka danna tuwon zafi da soyayyen ƙosai da finkaso ƙarfe tara da rabi sannan ka kwanta, ƙwannafi zai tashe ka. Babban abincin ka ci shi tsakanin magariba da isha'i, bayan tarawi abu mara nauyi. Ruwa kuma ka rarraba shi tun daga shan ruwa, ba ka kwankwaɗi leda huɗu a bakin gado ba ka kwana zaryar bayi.

Goman ƙarshe ita ce mai wuya, kuma gara ka shirya mata tun yanzu. In za ka tahajjud, kwanta tara da kwata ka tashi sha biyu da rabi ko ɗaya saura, zagaye biyu kenan na barci mai nauyi. Bayan asuba ka koma ka yi awa ɗaya da rabi zuwa biyu, ka ɗan ɗaga kanka da filo biyu saboda sahur ɗin da ke ciki, sannan ƙailular ranar ta zama awa ɗaya da rabi, zagaye ɗaya cikakke, don kar ka farka daga tsakiyar barci mai nauyi. Na san wannan yana nufin ka bar kasuwar safe, wadda ita ce mai kuɗi, kuma masta ba ya rage sel, kuɗin da kake kai masa, don azumi. Ka zauna da shi tun kafin goman ta shigo, ko ya rage maka, ko ku raba ranar da wani direba. In bai yarda ba to ka zaɓi dararen da za ka tsaya, washegarinsu ba tuƙin safe. A hadisin Nana A'isha, Manzon Allah (SAW) ya ce wanda gyangyaɗi ya kama yana salla ya je ya kwanta har barcin ya sake shi. Salla kenan fa, balle mai ɗauke da matar wani da goyonta a baya. Kuma an ruwaito ba ya son hira bayan isha'i, wannan 'yan bes ba su cika karanto shi ba.

Alamun da za ka faka nan take, ko da fasinja na masifa: hamma a jere, kai na sunkuyawa, ko ka ga ka wuce wata kwana ba ka tuna lokacin da ka wuce ta ba. Watsa ruwa a fuska da ƙure rediyo ba sa maganin wannan, minti kaɗan suke saya maka. Ka sauke mutane ka mayar musu da kuɗinsu ka kwanta minti ashirin.

In ka yi mako guda a kan wannan tsarin, babu ƙwaya babu atayar dare, amma har yanzu barci na fizgarka da rana, ko a gida ana ce maka kana minshari mai ƙarfi har numfashinka na tsayawa, ka zo a duba ka, mu auna suga da hawan jini. Ka taho da ragowar ƙwayar a ledarta in ga ko miligiram nawa ce, shi ma abokin naka ka ja shi ku zo tare.