Layin matsakaici na makara

"Malamai, duk sa'ad da layukan matsakaici suka gitta na saya, sai in tarar farashi ya riga ya tafi. Me ke jawo haka?"

Ɗan'uwa, layin nan matsakaicin farashin kwanakin baya ne, labarin jiya yake ba ka. Ɗauki buhun masara a Dawanau: kwana huɗu yana dubu 40, na biyar ya kai dubu 50. Matsakaicin kwana 5 zai nuna 42 kacal, don tsofaffin kwanaki huɗu na jan sa ƙasa. Na kwana 200 kuwa jinkirinsa ya kai wajen kwana 100. To kafin na kwana 50 ya gitta shi, ai kasuwa ta watse.

Ni gangaren layin nake dubawa: yana hawa, farashi na samansa, tashi ake. In ya kwanta, gittawar ƙarya ta yi yawa, sai in kama bakina.