Takardar neman hutun aure: "mako ɗaya" ba kwanan wata ba ne

Tambaya: Za a ɗaura mini aure ranar Asabar, 14 ga Nuwamba, 2026, kuma ina son hutun mako ɗaya. Shugabana mutum ne mai tsanani, ban taɓa rubuta masa irin wannan takarda ba. Me zan rubuta don kada ya ga na raina shi, kuma kada ya hana ni?

Amsa: Allah ya sanya alheri, ango, ya kai mu ranar lafiya.

Abin da zan fara cirewa daga takardarka shi ne "mako ɗaya". Kai kana nufin kwana bakwai, mai lissafin hutu kuwa kwanakin aiki yake ƙirgawa. Idan Litinin zuwa Juma'a kuke aiki, ka tafi ranar Alhamis 12 ga Nuwamba, hutun ya ƙare Laraba 18 ga wata, kwana bakwai ka yi a gida, amma biyar kawai za a cire maka, domin Asabar da Lahadi dama naka ne. Wanda ya rubuta "kwana bakwai" ba tare da bayani ba, ana iya zaftare masa bakwai cif daga hutunsa na shekara.

Saboda haka ranaku uku za ka ambata: ranar da hutun zai fara, ranar da zai ƙare, da ranar da za a gan ka a bakin aiki. Ta ukun ce mutane suka fi mantawa, kuma ita ce ke haddasa rigima. Lokacin da nake kula da ma'aikata a wani kamfani, wani ango ya rubuta "daga 3 zuwa 10 ga wata". Shi a ransa 10 tana cikin hutu, shugabansa kuma ya sa masa ganawa da baƙi da safiyar 10 ɗin. Ango ya dawo ya tarar da takardar tuhuma a kan teburinsa. Kuma ka rubuta sunan wata da haruffa, domin 12/11 wani zai karanta 12 ga Nuwamba, wani 11 ga Disamba.

Kafin ka ɗauki biro, duba takardar ɗaukarka aiki ko kundin dokokin ma'aikata. A wasu ƙasashe doka ce ta ba da hutun aure: kwana 4 a Faransa, kwana 15 a Sifaniya. A wurare da yawa kuwa babu shi, sai dai a ciro daga hutun shekara, ko a ba ka hutun da babu albashi. Ka faɗi wanda kake nema da sunansa. A kundin ne kuma za ka ga kwana nawa ake so a sanar kafin tafiya. In ba a ƙayyade ba, ka miƙa da saura wata ɗaya ko fiye.

Ga yadda zan tsara ta:

"Yallaɓai, ina neman izinin hutun kwana biyar na aiki daga cikin hutuna na shekara, saboda ɗaurin aurena da za a yi ranar Asabar, 14 ga Nuwamba, 2026. Hutun zai fara ranar Alhamis, 12 ga Nuwamba, ya ƙare ranar Laraba, 18 ga Nuwamba. Zan dawo bakin aiki ranar Alhamis, 19 ga Nuwamba. Zan kammala rahoton da ke hannuna kafin ranar Laraba, 11 ga wata, kuma abokin aikina ya amince zai riƙe sauran ayyukan idan ka yarda. Ina fatan za ka duba wannan buƙata. Na gode."

Kada ka sa sunan abokin aikin sai kun yi magana da shi tukuna.

Batun ladabi kuwa, yana cikin "ina neman izini" da "idan ka yarda". "Ina sanar da kai zan tafi" ita ce ke ɓata wa shugaba rai, don ka yanke hukunci ka bar shi da sa hannu. Amma magiya ma ba ta da amfani. Layi biyar na "don girman Allah ka taimaka mini" sai su binne ranakun, mai tsanani kuma ranakun yake nema da sunan wanda zai riƙe aiki. Ka fara gaya masa baki da baki, takarda ta biyo baya, katin gayyata kuma ka kai shi daban.

Idan ya ce kwana biyar sun yi yawa, ka riga ka san waɗanda ba ka iya saki, wataƙila Juma'a 13 da Litinin 16, sauran a daidaita. "To, ba komai" da ya faɗa yana tafiya ba amincewa ba ce. Ka nemi sa hannunsa ko amsar imel, ka ajiye kwafi. In mako ya wuce shiru, ka tuna masa da layi ɗaya, ka sake jero ranakun nan uku.