Alhaji ya ce a mayar masa da kuɗin wayarsa: yadda za ka rubuta amsar

Maigida, Alhajin nan na Mirriya da ya sayi waya jaka 45 ya turo saƙo, ya ce ta daina ɗaukar caji, a mayar masa da kuɗinsa. Ga abin da na rubuta, ban tura ba tukuna: "Alhaji yi haƙuri ba ma mayar da kuɗi. Kai ka jefa ta a ruwa. Dokar shago ce, abin da aka saya an saya. Amma in sha Allahu za mu gani." Yaya zan gyara shi don kada ransa ya ɓaci?

Ɗana, ajiye rubutun tukuna ka ɗauko littafin rasit. Ba a ƙin mayar da kuɗi da ka, sai da abin da ke kan takarda. Duba kwafinmu: ya saya ran 3 ga wata, ɗansa ya kawo wayar yau 15, kwana 12 ke nan. Sai ka tabbatar wayar tamu ce, ka danna *#06# lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, ta fito, ka gwada ta da wadda aka rubuta a rasit. In wayar ta ƙi kunnuwa, duba ko an buga lambar a bayanta ko a kan tiren SIM. Daga nan ka zare tiren ka haska cikin ramin da tocila. A wayoyi da yawa akwai ƴar takarda fara a wurin, wadda kan koma ja in ruwa ya taɓa ta. Ta Alhaji ta yi ja, bakin cajin kuma ya yi tsatsa kore-kore. Ɗauki hoton duka biyu.

Wannan binciken ba don ado ba ne. Da mun buɗe mun ga takardar fara tas, ba tsatsa, ba alamar faɗuwa, kuma aibin tun daga wurinmu ya fito a ɓoye, da babu wani saƙon ƙi da za mu rubuta. Malamanmu na Malikiyya sun bayyana cewa mai saye yana da haƙƙin mayar da kaya in ya gano aibin da ke jikinsa tun kafin ciniki kuma ba a nuna masa ba. Layin da muka buga a bayan rasit ba ya goge wannan. A irin wannan halin sai a canja masa ko a ba shi kuɗinsa.

To, mu koma kan abin da ka rubuta. Mafi muni a ciki shi ne "kai ka jefa ta a ruwa". Kana wurin? Mai yiwuwa jikansa ne ya kifar mata da shayi, ko ruwan sama ya same ta a aljihu a kan babur, shi bai ma sani ba. Da zarar ka ɗora masa laifi, maganar ta tashi daga kan waya ta koma kan mutuncinsa, zai rantse maka bai yi ba, kuma wataƙila gaskiya ya faɗa. Ka faɗi abin da idonka ya gani kawai: mun sami alamar ruwa a ciki, ga hoto. Wannan ba wanda zai yi musu a kai.

Na biyu, "abin da aka saya an saya" ba sharaɗinmu ba ne, kuma Alhaji yana riƙe da takardar da za ta ƙaryata ka. Bayan rasit ɗinmu abu biyu ya ce. Ana mayar da kuɗi cikin kwana 7 in an dawo da waya lafiya tare da kwalinta da rasit. Sannan akwai garantin gyara kyauta na wata ɗaya, ban da abin da ruwa ko faɗuwa ya jawo. Ka lura kowane sharaɗi da tambayar da yake amsawa. Abin da ya hana mayar da kuɗi shi ne kwanakin, 12 sun wuce 7. Abin da ya hana gyara kyauta shi ne ruwan. In ka cakuɗa su ka ce ruwa ne ya hana kuɗi, gardama za ta tsaya kan ruwa har magariba, alhali kwanan wata yana nan da hannunka a rubuce, da sa hannunsa a ƙasa. Ka kawo sharaɗin yadda yake, kada ka ƙara masa gishiri, ka haɗa da hoton bayan rasit ɗin.

Sai kuma wutsiyar nan ta "in sha Allahu za mu gani". Na san tausayi ne ya sa ka saka ta, amma Alhaji alkawari zai ji. Zai biya kuɗin mota daga Mirriya ya zo Kasuwar Dole da niyyar komawa da jaka 45, ya tarar babu, kuma fushin ranar ya fi na yau. Haka ma "sai maigida ya zo". In amsar a'a ce, a faɗe ta sau ɗaya a sarari, da wuri a cikin saƙon, sannan a bi ta da abin da za mu iya yi, da farashinsa. Ga yadda zan so ya fita:

"Assalamu alaikum Alhaji, da fatan kuna lafiya da iyali. Mun karɓi wayar da kuka aiko, mun kuma duba ta. Ba mu ji daɗin ganin ta ba ku matsala ba. Sai dai ku yi haƙuri, ba za mu iya mayar da kuɗin ba. Sharaɗin da ke bayan rasit ɗinku ya ce: ana mayar da kuɗi cikin kwana 7 daga ranar saye. Kun saya ran 3 ga wata, ta dawo ran 15. Game da gyara kuma, mun sami alamar ruwa a cikinta da tsatsa a bakin caji, ga hotuna, kuma garantin bai haɗa da wannan ba. Abin da za mu iya yi shi ne mu canja bakin cajin. Kuɗin kayan jaka 2 da rabi ne, kuɗin aiki mun yafe. In kun amince, gobe bayan la'asar za mu sanar da ku ko ta tashi. In kuma kun fi son a mayar muku da ita yadda take, tana nan a ajiye da sunanku. Mun gode, Allah ya bar zumunci."

Ka ga haƙuri sau ɗaya na bayar. In ka jera shi sau uku, mai karatu zai ɗauka muna da laifin da muke ɓoyewa, sai ya ƙara matsa lamba. Na kuma yi masa "ku" saboda sa'an mahaifinka ne. Sannan ban ce wayar za ta gyaru ba, na ce za mu sanar da shi ko ta tashi, domin tsatsar ruwa kan ci gaba da cin allon ciki ko bayan an canja bakin caji. In an canja ba ta ɗauka ba, sai mu cire kayanmu, kada a karɓi ko dala a hannunsa.

Alhaji ba lalle ne ya karanta boko ba, don haka bayan ka tura rubutun da hotunan a WhatsApp, ka bi su da saƙon murya. Karanta abin da ke rubuce daidai, a natse, kada ka ƙara komai daga kanka, domin a murya ne baki kan zame ya yi alkawarin da ba a shirya ba. In ya amso da zafi, kada ka sake jero dalilai ko ka ƙirƙiro sababbi. Ka ce ka ji, ka maimaita zaɓin nan biyu, ka ba shi lokacin da zai same ni a shago. Kafin nan rubuta a bayan kwafin rasit ɗinmu ranar da wayar ta dawo, abin da aka gani a cikinta, da farashin da muka faɗa masa.