Tsakanin eNaira da Kirifto: Wa Ke Gani, Wa Ke Iya Rufewa?

Tambaya: Malam, ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari. Yarona ya ce eNaira da kirifto duk ɗaya ne, sai dai gwamnati na ganin na farko, na biyu kuwa babu mai ganinsa. Haka ne?

Amsa: Alhaji, yaron naka ya dace a kan eNaira, amma ya yi kuskure a kan kirifto.

eNaira naira ce kawai wadda ba a buga a takarda ba. Babban Bankin Najeriya ne yake fitar da ita tun ranar 25 ga Oktoba, 2021, kuma eNaira ɗaya daidai take da naira ɗaya, saboda haka duk ranar da naira ta faɗi, tare suke faɗuwa. Ba a buɗe asusunta sai da shaida, wato lambar waya ko NIN ko BVN, kuma gwargwadon shaidarka gwargwadon abin da za a bari ka tura a rana. Kundin cinikin yana hannun bankin, don haka hukuma tana iya dubawa, tana kuma iya rufe asusu.

Bitcoin kuwa, wanda wani nau'in kirifto ne, babu wata hukuma da ke fitar da shi. Tun farkonsa a 2009 aka ƙayyade cewa ba zai wuce miliyan 21 ba, kuma babu ofishin da zai iya hana ka turawa. Sai dai kundinsa a buɗe yake ga kowa, kamar a liƙa littafin bashinka a ƙofar shago, an goge sunaye an bar lambobi. Ranar da aka gane lambarka, to cinikinka na baya ya fito fili.

A ce za ka biya mai kawo maka yadi daga Guangzhou da USDT, wato kirifton da aka ɗaure darajarsa da dalar Amurka, wanda shi ne 'yan kasuwa suka fi amfani da shi. Ka tura naira daga bankinka zuwa wani dillali, ga sawu na farko. Manhajar da ka saya a ciki ta riga ta karɓi hotonka da katin shaidarka, ga na biyu. Abin da mutane ba su cika lura da shi ba kuma shi ne, USDT yana da mai shi: kamfanin Tether ne yake fitar da shi, kuma ya sha daskarar da kuɗin da ke wasu lambobi bisa buƙatar jami'an tsaro. A ganina, ta fuskar iko, USDT ya fi kusa da eNaira fiye da Bitcoin.

Ko a Bitcoin, cikakken iko yana hannunka ne kawai idan kai ke riƙe da kalmomin sirri 12 ko 24 da ke buɗe asusunka. Idan suna wayar yaronka, kuɗin a hannunsa suke, idan kuma suka ɓata, babu manajan da za ka kai wa kuka.