Yaya ake mai da karin maganar Hausa Jamusanci?

Tambaya: Salam Malam, ina karatun jinya a Jamus. Ran nan na fassara ma abokan aikina "hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka" da "Eine Hand wäscht die andere", sai na ga suna kallon juna. Me ya faru? Kuma wasu maganganunsu sam ba na gane su, don Allah a taimaka.

Amsa: Wa alaikis salam 'yar'uwa. Maganar da kika ɗauko musu akwai ta a Jamusanci, ma'anarta hannu ɗaya shi ke wanke ɗan'uwansa, amma su inda suke sa ta daban ne da namu. Galibi sai ana zancen ba ni gishiri in ba ki manda, wato ka min alfarma in maka, kuma sau da yawa da ƙamshin cuwa-cuwa a ciki, irin ɗan kwangila da jami'in da ya ba shi aiki. To kin ga ke kina nufin haɗin kai su kuma sun ji kamar kina neman a rufa ma juna asiri ne. Kalmar hannu ce ta ja ki, kuma nan ne yawancin masu koyo ke faɗawa, sai su bi hoton da ke cikin maganar su bar wurin da ake faɗinta.

Shi ya sa kafin ki fassara kowace, fara tambayar kanki yaushe Bahaushe ke faɗin wannan, yabo ne, gargaɗi ne ko habaici? In kin gane wannan sai ki duba ko Jamusawa na da tasu ta wannan wurin, kuma wallahi suna da su da yawa. Mai da allura garma su sauro suke mayarwa giwa, "aus einer Mücke einen Elefanten machen". Cinikin biri a sama kuma sayen mage ne a cikin buhu, "die Katze im Sack kaufen". Ramin mugunta kusan kai da kai ne, "Wer anderen eine Grube gräbt, fällt selbst hinein", wanda ya gina ma wani rami shi zai faɗa. Amma ko a nan a yi hattara, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe ana haɗa ta da "Der Apfel fällt nicht weit vom Stamm", tuffa ba ta faɗuwa nesa da bishiyarta, sai dai tamu ta fi karkata ga yabo, tasu kuwa har ɗan da ya gaji mugun halin ubansa ana faɗa masa, don haka kar ki yi saurin faɗinta ga uwar yaro kina nufin yabonsa.

Yanzu mu koma kan jinka. Kina iya cewa "Gemeinsam sind wir stark", tare muke da ƙarfi, kowa zai gane amma gishirin ya tafi. Ni abin da na fi so shi ne ki bar hotonmu yadda yake ki sa masa gabatarwa: "Bei uns sagt man: Eine Hand allein hebt kein Dach aufs Haus." Wannan "bei uns sagt man", wato a wajenmu akan ce, ita ke gaya ma Bajamushe cewa karin magana ce ke tafe, ba kuskuren nahawu ba. Na sa "Dach", wato rufi, kawai saboda duk karin maganar da aka cika ma bayani ta mutu, in sun tambaya sai ki faɗa musu cewa jinka a ƙasa ake haɗa ta, sannan mutane su taru su ɗora ta kan ɗaki. "Allein" ita ta ɗauki nauyin ɗaya ɗin nan, in kin cire ta "eine Hand" zai iya zama wani hannu kawai. Sannan ki riƙe cewa namu "kowa ya" ko "mai kaza" su da "Wer" suke farawa, "akan" da "ba a" kuma "man" ne, misali mai haƙuri yakan dafa dutse ya zama "Wer Geduld hat, kocht sogar Steine weich."

Su kuma maganganunsu da ke ruɗa ki, yawanci ba karin magana ba ne cikakkiya wadda suke kira Sprichwort, salon magana ne, Redewendung, shi kuma aikatau ɗinsa na canzawa da mai magana. In wata ta ce "Ich drücke dir die Daumen", a zahiri tana matse manyan yatsunta saboda ke, fatan nasara take miki, kamar ranar jarabawa. "Ich verstehe nur Bahnhof", tashar jirgin ƙasa kawai nake ganewa, yana nufin ban gane komai ba. Wadda na fi so ki sani ita ce "Du hast Schwein gehabt", don 'yan'uwanmu da yawa ransu na ɓaci da sun ji an ambaci alade, alhali ba zagi ba ne, cewa ake kin yi sa'a, kamar ki makara amma ki tarar jirgin bai tashi ba. In aka ce ma mutum "Du Schwein" kai tsaye ba tare da "gehabt" ba, wannan kam zagi ne.